Yadda ake gane wayar wutar gida ta tsufa, da lokacin da ya kamata a sake ta gaba ɗaya

Yawancin tsofaffin gidajenmu na Nima, Mamobi da Sabon Zongo a birnin Accra ba a rana ɗaya aka gina su ba. Kaka ya ɗora ɗaki huɗu a bakin hanya, ɗansa ya ƙara shida a baya, jikoki suka fasa bango suka fitar da shago. Haka wayar wutar take, kowane zamani da tasa, an ɗaura sabuwa a kan tsohuwa. Shi ya sa shekarun gida kaɗai ba sa gaya maka ko wayarsa na da sauran rai. Tambayar da ake son amsawa guda ɗaya ce: lalacewar nan da ake gani, a bakin soket ta tsaya, ko ta bi wayar tun daga farko har ƙarshe? Idan a baki ta tsaya, gyaran yini ɗaya ne. Idan ta bi jikin wayar, ko soket ɗari ka canza ba ka yi komai ba.

Mataki na farko: zagaye da hanci da bayan hannu

Wannan kowane maigida ko ɗan haya zai iya yi, ba ya buƙatar sukundireba. Ka zaɓi lokacin da gidan ya fi jan wuta, wato bayan magariba ko da asuba lokacin da ake ɗora hita a bokiti ana gugar kayan makaranta. Ka bi ɗaki-ɗaki kana ɗora bayan hannunka a fuskar kowane soket da makunni, hannu a bushe, ƙafa cikin silifa. Filogin dutsen guga zai iya ɗan yin ɗumi, wannan ba komai. Amma soket ɗin da ba za ka iya barin hannu a kansa ba, ko makunnin fitila da ke zafi alhali ƙwai ɗaya yake kunnawa, ka yi masa alama da alli.

Sai hanci. Farar robar da ake yin soket da holda, idan ta gasu, ƙarnin kifi take yi. A unguwar da ake suyar kifi a kowane lungu mutane kan ɗora laifin a kan maƙwabciya har wata guda. Idan ƙarnin yana tashi ne lokacin da aka kunna wani abu, yana kuma lafawa in an kashe, to daga bango yake fitowa.

Ka dubi ramukan soket. Tabo ruwan ƙasa ko baƙi a gefen rami ɗaya, fuska da ta tsage, filogin da ke lilo ba ya kamawa, duk alamun zafi ne. Ka saurara kuma: makunnin da ke "tsss" in an danna shi, tartsatsi yake yi a ciki. Fitilar da ke rawa in firiza ta tashi ba lalle laifin gidanka ba ne, wani lokaci wutar layin ce ta yi ƙasa. Ka leƙa gidan maƙwabci. In tasu tana tsaye taka tana rawa, matsalar tana cikin gida. In kuwa wasu fitilu suna ƙara haske fiye da kima yayin da wasu ke dushewa, ka kashe babban makunni nan take ka kira kamfanin wuta na ECG da mai gyara, don alama ce ta cewa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ta saki, kuma ita ce ke ƙona talabijin da firji a dare ɗaya.

Gwaji na ƙarshe a wannan mataki: ka kashe komai, ka zare duk filogi, ka tsaya gaban mita. In ɗan jan hasken nan da ke ƙifta ido yana ci gaba da ƙiftawa, wuta na zurarewa wani wuri. Ko dai tsohuwar waya ce ke tsiyaya cikin jiƙaƙƙen bango, ko kuma wani ya ɗaura layinsa a naka, wanda a gidan haya ba baƙon abu ba ne.

Mataki na biyu: akwatin fis

Ka buɗe murfin waje kawai, ka duba da ido. Kada ka taɓa mita, ko hatiminta, ko babban fis ɗin da ke gabanta. Waɗannan na ECG ne, kuma wuta na nan a cikinsu ko ka kashe makunnin gida.

In ka tarar da tsohon allon katako da fis na tangaran, irin wanda ake ɗaura wa siririyar waya, ka san aikin ya kwana biyu. Wayar fis tana da awo: amfiya 5 ta fitilu, 15 da 30 ta manyan layuka. Aikinta ta narke kafin wayar bango ta yi zafi. Abin da ake yawan samu a gidajenmu shi ne fis ya dami mutane da yankewa, wani yaro mai wayo ya tsinko igiyar jan ƙarfe mai kauri ya ɗaura, aka ce ya iya aiki. Daga ranar nan wayar da ke cikin silin ce ta zama fis. Duk layin da ka samu an yi masa haka, ka ɗauka ya sha zafi har sai gwaji ya wanke shi.

Ka duba kuma ko akwai na'urar da ke yanke wuta in ta zurare ta jikin mutum. Ita ce mai ɗan maɓalli da aka rubuta `T` ko `TEST`, a jikinta kuma akwai `30mA`. In ka danna maɓallin ya kamata wuta ta ɗauke nan take. In babu ita, ko tana nan ba ta motsi, ka rubuta.

Mataki na uku: duba wayar kanta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake buƙatar mai sana'a ko aƙalla wanda ya san hannunsa. A kashe babban makunni, sannan a gwada da abin awo a tabbatar babu wuta a wurin da za a buɗe. Kada a dogara da testa mai ɗan ƙwai kaɗai, a hasken rana ba a ganinta sosai. A gidan da ke da mita uku ko huɗu, ba abin mamaki ba ne fitilar ɗaki ta fito daga wata mita, soket ɗinsa daga wata. In akwai janareta ko inbata, a cire su.

Ka kwance soket ɗin da ka yi wa alama, ka janyo shi a hankali. Abu na farko, wace irin riga ce a jikin wayar?

Akwai tsohuwar waya mai rigar roba ta danƙo, wani lokaci da saƙar zare a samanta, wani lokaci baƙar riga mai kauri. Ita aka yi amfani da ita kafin filastik ya karɓe kasuwa a shekarun 1960. Shekara 25 zuwa 30 ake ba ta, ke nan duk wadda ta rage a bango yau ta ninka wa'adinta. Danƙo in ya tsufa bushewa yake yi, ka taɓa shi ya marmashe a hannunka kamar ƙanzo, jan ƙarfen ya fito tsirara. In ka ga irin wannan, ka daina motsa ta, ka mayar da murfi, ka bar layin a kashe. Babu sauran shawara a kanta, sai sakewa.

Sai waya mai rigar filastik, wadda ake kira PVC. Ita takan daɗe, shekara 40 ma ba ta gagare ta ba in ba a wahalar da ita ba. Abin da ke kashe ta zafi ne. An yi ta ne kada zafin ƙarfen cikinta ya wuce digiri 70. A cikin filastik ɗin akwai wani mai da ke sa shi laushi, zafi kuma yana korar man nan a hankali har rigar ta ƙage. Ƙa'idar da masu sana'a ke riƙewa ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka yi ta dominsa yana raba kwananta biyu. Ka tuna kuma cikin silin ɗin da ke ƙarƙashin kwano a watan Maris a Accra tanda ne tun kafin a kunna komai. A wasu wayoyin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 man nan kan tsiyayo kore mai yauƙi, ka gan shi yana gangarowa daga makunni. Kada ka shafa shi da hannu, kuma ka sa layin cikin waɗanda za a sake.

Kada launi ya ruɗe ka. Ja da baƙi tsohon tsari ne, ruwan ƙasa da shuɗi sabo, amma har gobe ana sayar da ja da baƙi a shagunan kayan wuta, don haka jar waya ba shaidar tsufa ba ce.

Yanzu ga gwajin da ke raba gardama. Ka kama wayar nesa da baki, kamar taƙi ɗaya daga inda aka ɗaure ta, ka lanƙwasa a yatsanka. Lafiyayyen filastik zai lanƙwasu ya dawo ba tare da tsaga ba, in ka danna farce kuma zai ɗan shiga. Mataccen zai yi fari a gwiwar, ya tsage, ko ka ji ya yi "ƙas". In bakin wayar ya ƙone baƙi amma taƙi ɗaya a baya tana da laushi kuma jan ƙarfen na sheƙi, to zafin a bakin aka haife shi, daga sukurun da ya saki ko soket mara kyau. Lissafinsa mai sauƙi ne: haɗin da ya saki ya tara tirjiyar rabin om kacal, aka ja amfiya 10 ta cikinsa, zai fitar da zafin wat 50 a wurin da bai kai kan ɗan yatsa ba. Fis ba zai yanke ba, bireka, wadda ke yanke wuta da kanta in an ja fiye da kima, ba za ta faɗi ba, don wutar da ke wucewa ba ta wuce ƙa'ida ba. Maganinsa a yanke wayar har inda take da lafiya, a sa sabon soket mai kyau, a ɗaure sosai.

In kuwa ka lanƙwasa a nesa ta tsage, ka buɗe wani soket a layin nan wanda ba a cika amfani da shi ba, ka kuma leƙa silin ka gwada ta a tsakiyar tafiyarta. Ta ƙage a nan ma? To zafin ya bi ta duka, ko don an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, ko don tsufa. Wannan layin ya mutu.

Tunda an hau silin, a haska tocila a duba sauran. Cin ɓera, wanda ke barin ƙarfe tsirara da alamar haƙori. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba akwati, salatif ɗin ya bushe ya warware. Siririyar waya mai tufka biyu, ta fitilar tebur, da aka ja daga ɗaki zuwa ɗaki ana kunna firji da ita. Baƙin tabo a jikin katakon rufi inda waya ta kwanta. A taka a kan katako kawai, kuma in tsohon rufin asbestos ne kada a fasa shi ko a share ƙurarsa.

A bangaren bango kuma, abokin gaban waya danshi ne. Gidajen da ke kusa da babban kwalbatin Nima, ko Alajo da gefen kogin Odaw, waɗanda ruwa ya shiga a ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ko wata bayanta, a buɗe soket ɗin ƙasa-ƙasa a duba. Akwatin ƙarfe mai tsatsa, jan ƙarfe da ya koma kore, laka a cikin bututu, duk suna nan suna jira ko da fenti ya rufe tabon ruwa a waje.

Mataki na huɗu: awo da mega

Ido ba ya ganin abin da ke cikin bututu. Don haka mai gyara zai zo da na'urar da muke kira mega, ya cire duk kayan wuta da ƙwayayen fitila, ya raba kowane layi daga allo, ya tura masa bolt 500 ya auna yadda rigar ke tare wuta. Ana aunawa tsakanin mai wuta da nutural, tsakanin mai wuta da wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, sannan nutural da wayar ƙasa. Awon da take bayarwa megom ne, wato om miliyan ɗaya, kuma yawansa ne alamar lafiya; sabon aiki kan nuna ɗaruruwan megom. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa megom 1 ne, kuma duk layin da ya sauka ƙasa da 2 sai an bincika dalili. Ka nace a auna layi-layi a rubuta maka a takarda. In aka haɗa gidan duka aka auna sau ɗaya, layi ɗaya ruɓaɓɓe zai ɓata wa sauran suna, a sa ka kashe kuɗin da ba dole ba.

Mega ma tana da inda take ruɗi. Tsohuwar wayar danƙo da ta marmashe, in ƙarafunan ba su taɓa juna ba kuma iska a bushe take, za ta iya ba da lamba mai kyau, don busasshiyar iska ma tana tare wuta. Layin da ya ci jarrabawa a hunturun Janairu zai iya faɗuwa a ruwan Yuni. Saboda haka in ido ya ga ta marmashe, ba a sauraron mega. In ido ya ga lafiya mega ta ce a'a, a bi mega a nemo wurin. A auna wayar ƙasa ita ma, a ga ko da gaske ta isa kowane soket, kuma ko sandar da aka kafa a ƙasa tana nan ba ta ruɓe ba. Gidaje da yawa soket ɗinsu mai rami uku ne, amma ramin sama ba a ɗaura masa komai ba.

Wani gida a Nima

Gida ne mai ɗaki goma da shago ɗaya, na gado, yana hannun wata Hajiya. Ɗakuna huɗu na gaba tsohon gini ne, shida na baya an ƙara su a shekarun 1990. Abin da ya sa aka kira mu soket ne da ya narke a ɗakin wata 'yar haya a baya.

"Masta, soket ɗin kawai za ka canza mana, kada ka tono mini aiki," in ji Hajiya.

Na ce, "To Hajiya, a bar ni in leƙa bayansa tukuna, in shi kaɗai ne ba zan ƙara miki ko kusa ɗaya ba."

Bayan soket ɗin waya ce mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta filastik. Bakin ya ƙone, na yanke taƙi ɗaya, har yanzu a ƙage take. Na buɗe na ɗakin da ke gaba, wanda mai shi caja kawai yake sawa, ita ma ta tsage a yatsa. Da muka bi layin, sai ga shi ɗakuna uku ne a kan waya guda, fis ɗinta kuma an ɗaure shi da igiyar jan ƙarfe. Muka zauna muka lissafa abin da ake kunnawa da asuba: butar lantarki wat 2000, hitar bokiti 1500, dutsen guga 1200, tukunyar shinkafa 700. Jimla wat 5400. A raba da bolt 230 da ake ba mu, ya ba da amfiya 23 da rabi, ban da firji da fankoki. Layi irin wannan bireka mai amfiya 20 ake sa masa, wato kusan wat 4600, kuma da tana nan da ta riƙa faɗuwa tana tona asiri. Lokacin da aka ja wayar, ɗan haya rediyo da fanka ya mallaka. Mega ta ba wannan layi megom 0.6.

Sauran ɗakuna uku na baya suna kan nasu layin, da wayar fis ta gaskiya. Wayar da laushinta, mega ta nuna sama da 150. Sukurori biyu muka ƙara ɗaurewa, muka canza holda ɗaya da ta gasu. Shekarunsu ɗaya da layin da ya mutu, mai aiki ɗaya ya ja su, bambancin kawai kayan da aka ɗora da fis.

A gaba kuwa, da muka cire makunni ɗaya, baƙin gari ya zubo. Wayar danƙo ce. Abin da ya ɗaure wa Hajiya kai shi ne nan ne ba a taɓa kawo ƙara ba, kuma mega ta nuna megom 5, wanda a takarda ya wuce. Na sa ɗanta ya hau tsani da tocila ya gani da idonsa: waya biyu tsirara kwance a kan katako, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Ɓera ɗaya ya isa ya haɗa su.

Abin da aka yanke: ɗakuna huɗun gaba a sake su duka, kuma a kashe layinsu tun ranar, a ja musu wuta ta wucin gadi. Mataccen layin baya a cire shi, a raba shi biyu don kaya su rabu. Lafiyayyen layin a bar shi. Allon katako a sauke, a sa sabon akwati mai bireka da na'urar `30mA`, a kafa sabuwar sandar ƙasa, a kai wayar ƙasa kowane soket. Shago ya sami nasa layin saboda firiza.

Yanke shawara da shirya aikin

Daga wannan za ka iya auna naka gidan. Wayar danƙo, ko filastik da ya ƙage a tsakiyar tafiya, ko layin da mega ta kayar kuma aka rasa wuri guda da za a ɗora wa laifi, duk a sake su. Ƙuna a baki kaɗai, gyara. In fiye da rabin layukan gidan sun faɗi, ko babu wayar ƙasa ko'ina, ko an yi ta ɗaure-ɗaure har ba wanda ya san inda kowace waya ta nufa, ya fi sauƙi a sake gidan gaba ɗaya, don kuɗin bin diddigin tsohon aiki kan kai na sabo. In aljihu bai kai ba, a fara da allo da wayar ƙasa, sai layin da ya fi muni, sauran su biyo baya. Amma a sani, sabuwar na'urar `30mA` a kan tsohon layi mai tsiyaya za ta riƙa yanke wuta. Gaskiya take faɗi, kada a bari wani ya tsallake ta.

Dokar aikin waya ta Ghana, L.I. 2008 ta shekarar 2011, ta ce wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ne kaɗai zai ja waya a gini, ta kuma nemi a duba aikin da ya kai shekara 10. Ka nemi ganin katinsa, ka kuma karɓi takardar sakamakon awo bayan an gama. Kaurin da aka saba: 1.5 na fitilu, 2.5 na soket, 4 na na'urar sanyaya ɗaki ko hitar wanka, 6 na murhun lantarki, sai dai nisa da yawan kaya na iya sa a ƙara.

Wajen sayen waya ka je tare da mai aikin. Akwai jabu a kasuwa, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare bakin da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasa ka ajiye. Ƙunshinta kuma ya fi na gaske sauƙin ɗauka, tana saurin karyewa in an murɗa. In tsohon bututun bango yana da kyau ana iya ɗaura sabuwar waya a wutsiyar tsohuwa a janyo. In ya toshe ko babu shi sam, tirankin na filastik a saman bango ya fi araha, 'yan haya kuma ba sai sun kwashe kaya ba. Duk tsohuwar wayar da aka bari a bango a yanke ta daga bangarorin biyu, a tabbatar da abin awo cewa ba ta ɗauke da wuta daga wata mitar.